Biskit ɗin "shuga-firi" da Yaya ya aiko wa Baba: a ci ko a ajiye?

Assalamu alaikum Hajiya. Ina zaune da mijina a cikin garin Katsina, kusa da gidan mahaifina, kuma ni ke kula da abincinsa tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Shekararsa 67, shekara shida ke nan yana da ciwon sukari, yana shan metfomin da gilibenkilamaid, ga hawan jini. Watan jiya babban yayanmu ya aiko masa da katan na biskit da aka rubuta shuga-firi a jiki, da katan na lemon kwali da aka ce ba a ƙara masa sukari ba. Kullum bayan la'asar sai Baba ya ci biskit tara ya kora da kofi guda na lemon. Ran nan na gwada shi awa biyu bayan ya ci, na ga 246, alhali da a irin lokacin ba ya wuce 160. Na duba bayan ledar: a biskit 3, wato giram 30, akwai kabohaidiret giram 20, sukari 0.1, wani abu wai foliyol 6, faiba 0.6, sodiyam miligiram 140. Lemon kuma a mil 100 akwai kabohaidiret 11, sukari 10, kofin Baba kuwa yana cin mil 300. Da na gaya wa Yaya ransa ya ɓaci, ya ce da tsada ya saya a babban kanti, ga lambar NAFDAC a jiki, ni ce na cika tsanani. Baba ma ya ce in ƙyale shi, shekara shida rabonsa da zaƙi. Ni ce na yi kuskure? Yaya zan riƙa gane abin da ya dace da shi?

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Mama, ya ba Baba lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Ba ki yi kuskure ba. Kin juya ledar kin karanta bayanta, kin kuma ɗauki na'ura kin gwada, kuma abubuwan nan biyu su ne nake roƙon iyalan masu ciwon sukari su yi ba su cika yi ba. Abin da ya rage miki shi ne ki san wace lamba ce take magana a cikin lambobin da kika kwafo, domin idonki da na yayanki duka a kan layi ɗaya suka tsaya, layin sukari, alhali hukuncin yana layin da ke samansa.

Bari in fara da biskit ɗin. Kamfanin bai yi ƙarya ba. A ƙa'idar da yawancin ƙasashe ke bi, ana iya rubuta wa abinci shuga-firi idan sukarin da ke cikin giram 100 bai wuce rabin giram ba, kuma naku yana cikin wannan iyaka. Sai dai da me aka yi biskit? Da fulawa. Fulawa kuwa sitaci ce, sitaci kuma idan ya isa hanji jiki yana farfasa shi ya koma gulukos, wato ainihin sukarin da na'urarki take aunawa a jinin Baba. Harshe ba ya jin zaƙin tuwon shinkafa, amma ke shaida ce kan yadda yake ɗaga lamba. Shi ya sa layin kabohaidiret, kalmar nan doguwa da take farawa da harafin C a Turancin da ke jikin leda, ya fi layin sukari muhimmanci ga mai wannan ciwo. Ita ce jimillar, ta haɗa sitaci da sukari da danginsu. Layin sukari da ake rubutawa a ƙarƙashinta, an ɗan shigar da shi ciki, wani yanki ne kawai daga cikin jimillar. Idan kika mayar da lissafin biskit ɗinku zuwa giram 100 za ki samu kabohaidiret kusan giram 67. Biskit na gama-gari da yara ke saye a shagon unguwa yakan kasance tsakanin 65 da 75. Kin ga tazarar ba ta kai yadda rubutun gaban ledar ke sa mutum zato ba.

Abu na biyu shi ne ma'aunin da aka yi lissafi a kai. Kowane jadawali yana faɗa a samansa cewa waɗannan lambobin na abu kaza ne: ko giram 100, ko mil 100, ko kuma wani ɗan rabo da kamfanin ya yanka da kansa. Kamfani ne ke zaɓen girman wannan rabon, kuma sau da yawa yakan yanka shi ƙarami fiye da abin da mutum ke ci a zama ɗaya. Naku sun ce guda uku. Baba yana cin tara, wato rabo uku, don haka duk lambar da ke jadawalin sai kin ninka ta sau uku. Ashirin sau uku sittin ke nan.

A nan sai mu yi wa biskit ɗin adalci, mu dubi wannan foliyol da ya ɗaure miki kai. Dangin kayan zaƙi ne da ake sawa a madadin sukari, kuma a jerin kayan haɗi za ki gane su da cewa sunayensu suna ƙarewa da haruffan o da l, irin su maltitol da sobitol. Hanji ba ya tsotse su gaba ɗaya, saboda haka ba sa ɗaga sukarin jini kamar sukarin shayi, amma maltitol musamman yana ɗagawa, ba a banza yake wucewa ba. Masu lissafin abincin ciwon sukari sukan cire rabinsa daga jimillar. A biskit tara akwai giram 18, a cire rabi, wato 9, daga sittin ɗin nan, saura 51. Akwai kuma wani halinsu da ya kamata ki sani: idan aka ci da yawa suna kumbura ciki, su sa iska, wani lokaci har gudawa. In kin ji Baba yana ƙorafin cikinsa yana ƙugi tun zuwan katan ɗin nan, kada ki je neman dalili da nisa.

Lemon ya fi damuna. Rubutun da ya ce ba a ƙara sukari ba yana nufin ba su zuba nasu ba, bai ce 'ya'yan itacen da aka matse ba su zo da nasu ba. Ga shi ma jadawalin ya faɗa da bakinsa, giram 11 a kowace mil 100. Kofin Baba ninki uku ne, giram 33. Ƙaramin cokalin shayi na sukari kimanin giram 4 ne, don haka ki ɗauka kamar an zuba cokali takwas a kofin ruwa an miƙa masa. Na tabbata da a gabanki wani ya yi haka da kin riƙe hannunsa. Kuma sukarin da ke cikin ruwa ya fi saurin shiga jini, tunda babu abin taunawa, babu zaren ɗan itacen da zai rage masa gudu. Lemon zaƙi guda matsakaici da aka ɓare aka ci da zarensa bai fi giram 12 zuwa 15 ba, kuma a hankali yake shiga.

Ki haɗa su: 51 da 33 sun ba da 84. Don ki ga girman wannan lamba, yankan burodi ɗaya siriri kimanin giram 15 ne, don haka kamar yanka biyar da rabi ke nan. Awon da ake yawan fara ba babba mai irin ciwon Baba shi ne giram 45 zuwa 60 a cikakken abinci, giram 15 zuwa 20 kuma a abin taɓa-ka-lashe tsakanin abinci da abinci, sannan likita ya ƙara ko ya rage gwargwadon jikin mutum da maganinsa. Ashe abin da Baba ke ɗauka a matsayin ɗan abin motsa baki ya zarce cikakken abinci, an kuma cusa shi tsakanin na rana da bai gama sauka ba da tuwon dare da ke tafe. Ruwa ba ya tsami banza, 'yata. Lambar da kika gani ta yi daidai da wannan lissafi.

Duk da haka kada ki yanke hukunci da gwaji ɗaya, domin yayanki zai iya cewa wataƙila ranar Baba ya cika shinkafa da rana, ko ya manta da magani, ko zazzaɓi ke jikinsa, kuma duk waɗannan suna ɗaga sukari da gaske. Abin da zai raba gardama shi ne gwaji biyu a jere. Ki gwada shi daf da zai ci, ki rubuta. Ki duba agogo daga lomar farko, bayan awa biyu ki sake gwadawa, ki rubuta. Abin da ake so ga yawancin manya shi ne lambar bayan ci ta tsaya ƙasa da 180 idan na'urarki tana nuna mg/dL, ko ƙasa da 10 idan mmol/L take nunawa, sai dai in likitansa ya yanka masa wata iyaka saboda shekarunsa. Ba na ce ki sake ba shi tara da lemo don ki kafa hujja ba, wannan kin riga kin gani. Ki gwada sabon awon da zan faɗa miki yanzu, kwana biyu ko uku, ki ajiye lambobin kusa da waccan ta farko. Na san takardun gwajin nan da tsada suke, amma guda shida a kan wannan magana ba asara ba ce.

Ga abin da nake gani ya dace. Biskit ɗin ba sai an zubar ba. Guda uku, bayan an cire rabin foliyol, sun tashi kimanin giram 17, wanda yake cikin awon abin taɓawa. Ki ƙirga masa ukun a faranti, ki rufe ledar ki mayar da ita ɗaki, domin ledar da aka ajiye a buɗe kusa da tabarma ba ta san uku ba. Ki haɗa masa da abin da zai riƙe ciki ba tare da ya ɗaga sukari sosai ba: cikin tafin hannu ɗaya na soyayyar gyaɗa marar gishiri, ko dafaffen ƙwai, ko 'yan yankan awara, ko yalo da kokwamba. Abin korawa kuwa ruwa, ko shayi marar sukari da citta da kanumfari. Idan bayan kwana ukun lambar tana tsayawa ƙasa da iyaka, shi ke nan, Baba ya samu zaƙinsa, Yaya ya ga ana cin kyautarsa. Idan kuma har da ukun tana haurawa, a mayar da shi biyu, ko a bar shi sai ranar Juma'a.

Lemon kam a daina sha kullum. Amma yana da wani aiki mai daraja a gidanku, kuma wannan ne dalilin da ya sa na ji daɗi da kika ambaci sunan magungunansa. Metfomin shi kaɗai ba kasafai yake kayar da sukari ƙasa ba. Gilibenkilamaid kuwa yana iya yi, musamman ga dattijo, musamman ranar da ya sha magani bai ci abinci sosai ba. Wata guda ke nan jikin Baba yana samun giram tamanin da wani abu kullum da yamma, yanzu za ki rage su zuwa ƙasa da ashirin, don haka ki sa ido a kwanakin farko, musamman kafin magariba da cikin dare. Idan kika ga yana karkarwa, gumi yana keto masa, yunwa ta taso masa farat ɗaya, ko maganarsa ta soma rikicewa, ki gwada. In lambar ta yi ƙasa da 70, yana buƙatar sukari mai saurin shiga jini giram 15 nan take, wanda a wannan lemon kusan mil 140 ne, ɗan ƙasa da rabin kofinsa. Ki jira minti 15 ki sake gwadawa, in bai tashi ba ki ƙara, in ya tashi ki ba shi abinci. A irin wannan lokaci biskit ɗin shuga-firi ko lemon kwalba marar sukari ba za su cece shi ba, ki gaya wa duk wanda ke kwana gidan haka. Idan kuma ya kai ga ba ya iya haɗiya ko ya fita hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki, a yi asibiti da shi. Ki ajiye kwali ɗaya ko biyu da ba a buɗe ba don wannan, sauran jikoki su sha ranar da suka zo gaishe shi. Kwalin da aka buɗe ba ya jure zafinmu in babu firji mai wuta, to ki tanadi sukarin shayi ma, cokali huɗu a ruwa aikinsu ɗaya.

Yanzu ga tambayarki ta gaba, wato yadda za ki riƙa ganewa ke kaɗai a gaban kanta, ko a Babbar Kasuwa ko a manyan kantunan cikin gari. Ni dai ba na karanta gaban leda, domin gaba talla ce. Ina juyawa in nemi jerin kayan haɗi tukuna. Ana jera su ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙanƙanta, saboda haka ukun farko su ne ainihin abin da ke hannunki. Idan sukari yana cikinsu, ko fulawa ce ta farko ba wani abin kirki a bayanta, na riga na san inda aka dosa. Sukari kuma yana da sunaye da yawa. Kalmomin da a rubutun Turanci suke ƙarewa da haruffan o, s, e a jere, kamar gulukos da furuktos da maltos, sukari ne. Duk abin da aka kira sirof sukari ne. Zuma da ruwan dabino da ruwan 'ya'yan itace da aka dafe ya yi kauri, a wajen jinin mai wannan ciwo duk sukari ne, komai albarkarsu. Akwai kuma maltodestirin, wani garin sitaci da ba a lissafa shi a layin sukari, amma yana ɗaga jini da sauri kamar gulukos. Yakan ɓuya a garin shayi na gwangwani da kayan da ake tallatawa da sunan lafiya.

Daga nan sai jadawali. In kina kwatanta kaya biyu, ki dubi layin giram 100 na kowanne, domin rabon da kamfanoni ke yankawa ba ɗaya ba ne. Akwai awon da ake amfani da shi a Birtaniya wanda yake da sauƙin riƙewa: a abin ci, sukari giram 5 ko ƙasa a cikin 100 kaɗan ne, sama da 22.5 ya yi yawa. A abin sha, 2.5 ko ƙasa a mil 100 shi ne kaɗan. Ki auna lemonku da wannan ki gani. Bayan haka sai ki yi lissafin da muka yi a sama, kabohaidiret a ninka da abin da Baba zai ci da gaske. Sai ki kalli faiba, wato ɓangaren hatsi irin dusa wanda ciki ba ya narkarwa, shi ke rage gudun shigar sukari. Giram 3 a cikin 100 ya fara zama abin kirki, 6 kuwa ya yi kyau. Biskit ɗinku yana da 2 ne kacal a cikin 100, alamar farar fulawa ce zalla. Wannan ma'aunin ne zai taimake ki ranar da wani ya kawo garin alkama a leda ya ce na masu ciwon sukari ne. Alkama da dusarta ta fi farar fulawa, gaskiya ne, amma in kin duba za ki tarar da kabohaidiret sama da giram 60 a cikin 100, don haka malmalar tuwonta ma sai an auna.

Tunda mu nan kusa da iyaka muke, kaya masu rubutun Faransanci suna shigowa ta Jibiya da ta wajen Daura. A jikinsu jimillar tana layin da ya fara da haruffan g, l, u, c, ana karanta shi gulusid, layin sukarin kuma yana ƙarƙashinsa kamar yadda kika saba. Wanda kuwa babu jadawali a jikinsa sam, ko rubutun ya goge, ko kwanan watan lalacewarsa ya wuce, ki bar shi a kan kanta.

Kada ki manta da hawan jininsa. Sodiyam ɗin biskit tara ya kai miligiram 420, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya tsaya ƙasa da 2,000 a yini, wato kimanin gishiri giram 5. Kashi ɗaya cikin biyar ke nan ya tafi a biskit, tun ba a zo kan dunƙulen da ke cikin miya ba. A guda uku wannan damuwar ta ragu da kanta.

Sai maganar yayanki, wadda na san ita ta fi ci miki rai. Ki dubi abin ta wajensa. Yana nesa, ke ce kike kusa, ke kike samun ladan ɗawainiyar yau da gobe. Abin da nesa ta bar masa shi ne aljihunsa, sai ya shiga kanti ya nemi abin da aka rubuta wa suna mai kwantar da hankali, ya biya da tsada, ya aiko yana jin shi ma ya yi wa mahaifinsa wani abu. Da kika ce abin yana cutarwa, kunnensa ya ji kamar an ce shi ne ya cuci Baba, daga bakin ƙanwa kuma. Hujjarsa ta lambar NAFDAC tana da gaskiyarta, domin lambar tana nuna an yi wa kayan rajista a matsayin abin da jama'a za su iya ci, kuma gara mai ita da marar ita. Amma buhun sukari ma yana da lambar. Ba ta faɗin ko abu ya dace da mai ciwon sukari, ko guda nawa zai ci. Tsada ma haka.

Kada ki sake buɗe zancen da cewa kayan ba su da kyau. Ki kira shi ki fara da godiya, ki gaya masa Baba yana jin daɗin biskit ɗin kuma zai ci gaba da ci. Sannan ki tura masa hoton bayan ledar da na kwalin, da takardar da kika rubuta lambobin kwana ukun kusa da ta farko, ki ce, "Yaya, duba min wannan lissafin ko na yi daidai." Gani ya kori ji, kuma babba ya fi saurin karɓar gaskiyar da aka ba shi ya duba da kansa a kan wadda aka yanke aka miƙo masa. In ya sauko, ki nuna masa inda kuɗinsa zai fi amfani: takardun gwaji na wata-wata, maganin Baba, kifi, ƙwai, wake, kuɗin gwajin nan na asibiti da ke nuna matsakaicin sukarin wata uku. In kuma kin san maganarki ba za ta shige shi ba, ki bi ta wajen wata gwaggo ko kawu da yake jin nauyi, ko ki sa a kira shi a waya ranar ganin likita ya ji da kunnensa.

Baba kuwa, maganarsa ta taɓa ni. Shekara shida mutum yana kallon ana shan kunu da sukari a gabansa, ga rashin matar da ta san bakinsa, sai ga wani abu mai zaƙi da aka ce masa halal ne a gare shi. In kika fizge shi gaba ɗaya, zai ji an mayar da shi yaro a gidansa, kuma dattijon da aka matsa wa yakan aiki jika shago a ɓoye, wanda ya fi muni domin ba za ki san me ya ci ba balle ki lissafa. Ki zauna kusa da shi bayan la'asar ɗin, ki ɗebo sukari cokali takwas ki tara a faranti, ki ce, "Baba, abin da ke cikin kofin lemon nan ke nan." Ki bar shi ya kalla. Sannan ki ba shi zaɓi da bakinsa: yau biskit uku da gyaɗa, ko lemon zaƙi guda, ko ɗan nono marar sukari. Idan shi ya zaɓa, zai fi riƙewa. Na'urar ma ki riƙa juya masa fuskarta ya karanta lambar da kansa.

Wannan duka ba ya maye gurbin likitansa. Kada ki ƙara ko ki rage masa magani da kanki saboda lambar ta hau ko ta sauka. Ranar da za ku koma asibiti, ki sa ledar biskit ɗin da kwalin lemon a jaka tare da takardar lambobin, ki nemi a haɗa ku da mai ba da shawara kan abinci in akwai, ki tambaya giram nawa ya dace da Baba a kowane ci, ki kuma tambayi likita ko gilibenkilamaid ya ci gaba da dacewa da shekarunsa. Amma idan kafin ranar kika ga lambar ta ƙi sauka daga 250 duk da an gyara cin, ko yana yawan ƙishirwa da fitsarin dare, ko amai da kasala sun shigo, kada ki jira ranar, ku tafi a yinin. Ki rubuto min abin da lambobin kwana ukun suka nuna, ki kuma gaishe min da Baba da jiki.